Takardar sayayya bashi ce a kan mai shago

Tun bara wata sabuwar al'ada ta shigo mana Sabo. Mai hali da ya saba raba buhun shinkafa kafin azumi, yanzu sai ya je shago ya biya kuɗi, a ba shi 'yan takardu masu hatimi, baucha inji yara, ya raba wa zawarawa da tsofaffi su je su karɓi kaya da kansu. Ba mu ƙi dabarar ba. Ta raba mu da layi a ƙofar gida, kuma tsohuwar da ta fi bukatar man gyaɗa ba a ɗora mata taliya dole. Abin da muka ƙi shi ne yadda wasu masu shaguna suka mai da takardar kamar wata alfarma da suke yi wa mai ita.

To alfarmar me? Ranar da aka sayi takardar, kuɗi sun shiga aljihun mai shago, kaya kuwa ko ƙwaya ba ta fita ba. Shi ake bi. Matar da ta shigo da takarda a hannu ta zo karɓar abin da aka riga aka biya ne.

Mu yi lissafi da misali. A ce Alhaji ya sayi takarda 40, kowace ta naira 20,000. Dubu 800 ke nan, lakadan, a watan Sha'aban. Mai shago ya kwashe su ya saro shinkafa a farashin ranar, lokacin yana sayar da kongo 3,000. Da a ranar aka karɓi kaya, takarda ɗaya kongo shida ce har da ragowar 2,000. Amma ba a raba takardun ba sai da azumi ya kama, kongo ya koma 3,500. Baiwar Allah ta zo, aka auna mata biyar, 17,500. Kongo guda ya tafi, alhali shinkafar da aka auna mata da kuɗin Alhaji aka saro ta tun tana araha. A ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, duk takardar da aka rubuta da naira tana ramewa ne a cikin jaka.

Sai maganar canji. Saura 2,500, ta ce a ba ta ta hau mota ta sayi cefane. "Hajiya, ba ma ba da canji a kan baucha." Zaɓinta biyu: ta kwashi magi da omo da ba ta nema ba, ko ta kunce bakin zane ta cika 1,000 a ba ta kongo na shida. Wadda aka yi wa kyauta ta koma tana ciko. Wai kuma a ce mata ta gode.

Wanda ya fi ci mana rai shi ne wa'adi. A ƙasan takardar, da ƙananan haruffan Turanci, an rubuta cewa ta daina aiki bayan kwana 30. Tsofaffinmu nawa ne ke karanta wannan? Wata ta tafi Kano gaisuwar mutuwa, wata tana kwance ba lafiya, wata ta adana tata sai Sallah ta matso. In biyar cikin arba'in suka makara, naira 100,000 ta zauna wa mai shago ba tare da ya auna ko gwangwani ba. Alhaji kuwa yana can yana zaton sadakarsa ta isa.

Masu shaguna za su ce ai dole a sa wa'adi, don ba za su riƙe littafi a buɗe har abada ba, ga kuma masu buga ta jabu. Mun ji. Maganin jabu lamba ce: kowace takarda da lambarta, a yage rabi ya zauna a shago, a rubuta sunan mai ita. Wa'adi kuma in ya cika, sai a kira wanda ya biya a mayar masa da kuɗin waɗanda ba a karɓa ba. Rufe littafi daban, haɗiye kuɗin mutane daban.

Ku kuma masu saye, da ku muke. Kada ku yarda a rubuta naira. A rubuta kaya: shinkafa kongo shida, mai kwalba ɗaya, da Hausa, yadda ko farashi ya tashi mai shago ne zai ji da shi, tunda kuɗin na hannunsa. Ku riƙe jerin lambobin, bayan Sallah ku koma ku ce a nuna muku waɗanda aka karɓa. Wanda ya ƙi waɗannan sharuɗɗa, Sabo ba shago ɗaya gare ta ba. Muna kuma roƙon fadar Sarkin Hausawa ta tara masu sayar da irin wannan takarda kafin Sha'aban mai zuwa, a yi yarjejeniyar a gaban shaidu, a manna ta a ƙofar kowane shago.