Kafin ka sayi bokiti ashirin na noman tumatir a tsakar gida

1/ Kullum ina ganin hotunan tumatir a bokiti ana cewa "fara noma a gida ka yi kuɗi". Ni dai ra'ayina: idan niyyarka sayar wa makwabta ce, tumatir ba naka ba ne. Ka shuka ganye. Bari in faɗi dalili.

2/ Daga iri zuwa tsinka, tumatir yana cin kusan wata 3 yana shan ruwa. Yawancinmu kuma a sanyi muke shukawa, sai ya nuna daidai lokacin da na Kadawa ya cika kasuwar 'Yan Kaba. Wa zai sayi naka alhali kwando ya yi araha?

3/ Idan ka ce bari ka jira zafi lokacin da yake tsada, fure zai riƙa zubewa ba 'ya'ya. Ba taki ba ne ya yi kaɗan, zafin ne ya fi ƙarfinsa.

4/ Alayyahu kuwa sati 4 zuwa 5 ya isa yanka. Kar ka tumɓuke. Ka yanka ka bar kamar tsawon yatsa, zai sake toho bayan sati 2.

5/ Kuma a nan ka fi kasuwa. Tumatir yana jure tafiya, ganye kuwa kafin la'asar ya yi yaushi. Maman da ke son miyar alayyahu za ta fi son wanda aka yanka a gabanta.

6/ Yadda na yi: buhu 12 na shinkafa, na naɗe bakin kowanne ya rage rabi, na huda ƙasan. Ƙasa kashi 2, busasshen takin dabbobi kashi 1, buntun shinkafa kashi 1. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, a kiyaye.

7/ Kuskurena na farko: na shuka duka rana ɗaya. Suka isa tare, na sayar da kaɗan, sauran suka yi fure, ganyen ya yi tauri, na rabar kyauta. Sati na gaba masu saye suka zo, ba komai.

8/ Yanzu buhu 3 nake shukawa duk sati. Kowane sati akwai na yanka, kuma gida huɗu sun san ranarsu.

9/ Babban kashe kuɗi ruwa ne. A Afrilu buhu yana son ruwa safe da yamma. Idan wurin mai ruwa kake saye, lissafa jarka nawa kake zubawa a sati, ka cire daga ciniki. Idan ba saura, ka rage buhu har damina.

10/ Wasu za su ce ribar ba ta taka kara ta karya ba. Gaskiya ne, ba za ta biya haya ba. Kuɗin cefane ne da data.

11/ Sai dai hattara da "ɗan tsinko min" da bashi. Ka ɗaura ƙulli, ka sa farashi tun ranar farko, ko Inna ce ta aiko.

12/ Kafin ka sayi iri, duba tsakar gidanku: akwai inda rana ke kai awa 5 zuwa 6? Akwai akuya ko kaji? Idan ka amsa waɗannan, fara da buhu 3.