Jarrabawar lauyoyi: Amsar da ba daidai ba ma sai an zauna an tsara ta

Tambayoyin canki-canka, waɗanda ɗalibai suka fi kira obje, sun zauna daram a karatun lauya a Najeriya. Ana yin su a tsangayoyin shari'a na jami'o'i, ana yin su a kwalejojin shari'a da addinin Musulunci, kuma suna cikin jarrabawar ƙarshe ta Makarantar Horar da Lauyoyi ta Ƙasa, mai hedikwata a Bwari da rassa a wurare irin su Bagauda da Yola. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ɗalibai sun yi yawa, masu duba takardu kuwa ba su da yawa.

Matsalar ita ce yadda ake haɗa irin waɗannan tambayoyi. Galibi malami yakan ɓata lokaci a kan tambayar da amsarta ta daidai, sannan ya cike sauran gurabe uku da duk abin da ya faɗo masa a rai. Wannan kuskure ne, domin a guraben nan uku ne ainihin gwajin yake. Kowace amsar da ba daidai ba ya kamata ta zama inda wani ɗalibi na gaske zai faɗa idan ya bi wata gurguwar fahimta da aka sani. Idan malami ba zai iya faɗin wane ɗalibi ne zai zaɓi amsa kaza ba, da kuma abin da zai kai shi can, to wannan amsa ba ta da aiki a takardar.

Ilimin rabon gado ya fi kowane fanni nuna wannan a fili, saboda kowane kuskure yana haifar da adadinsa na daban. Ga tambaya: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da mahaifiya da mahaifi, ba shi da ɗa ko jika, ba shi kuma da 'yan'uwa. Bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya, abin da ya saura naira 1,200,000 ne. A mazhabar Malikiyya, nawa ne rabon mahaifiyar?

Wannan ɗaya ce daga mas'aloli biyu da ake kira Umariyyatain ko Garrawain, waɗanda ake dangantawa da hukuncin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi. Matar za ta ɗauki rubu'i, wato naira 300,000, tunda babu ɗa. Saura naira 900,000. Uwa za ta ɗauki sulusin wannan ragowar, naira 300,000, uba kuma ya kwashe naira 600,000. Amsar daidai ke nan.

Malamin da ke sauri zai jera naira 100,000 da 700,000 da 900,000 a gefen amsar. Duk ɗalibin da ya taɓa leƙa babin gado zai watsar da su ba tare da ya ɗauki biro ba, domin babu wata hanyar lissafi da za ta ba uwa kashi uku cikin huɗu na dukiya alhali uba na raye. Ya ci maki, amma ba a gwada komai ba.

Malamin da ya san ɗalibansa zai fara da naira 400,000. Wannan sulusin dukiyar ce gaba ɗaya. Ɗalibin da zai zaɓe ta ba jahili ba ne: ya haddace cewa uwa tana da sulusi idan babu ɗa kuma babu 'yan'uwa, kamar yadda yake a aya ta 11 ta Suratun Nisa'i. Abin da ya kuɓuce masa shi ne, haɗuwar uba da uwa da miji ko mata tana sauya abin da ake cire sulusin daga cikinsa. Wani lokaci ruɗanin daga kaka yake zuwa, domin da kakan mamacin ne a madadin uba, to a Malikiyya uwa sulusin dukiya duka za ta ɗauka.

Ta biyu ita ce naira 200,000, wato sudusi. Mai zaɓen wannan ya riƙe cewa iyaye biyu idan suka haɗu kowannensu sudusi yake samu. Ya manta sharaɗin: abin da ke saukar da uwa zuwa sudusi shi ne samuwar ɗa ko ɗan ɗa, ko 'yan'uwa biyu zuwa sama, ba samuwar uba ba.

Ta uku ta fi ban sha'awa: naira 350,000. Wannan ɗalibi ya san ƙa'idar sulusin ragowa sarai. Inda ya zame shi ne rabon matar, ya ba ta sumuni, naira 150,000, alhali sumuni sai idan akwai ɗa. Ragowar ta zama naira 1,050,000, sulusinta kuma naira 350,000. Ya ƙetare wuri mai wuya, ya faɗi a mai sauƙi. Maganin da yake buƙata a aji daban yake da na sauran biyun, kuma ba za a gane hakan ba in ba a ajiye masa wannan adadi a takardar ba.

Akwai wani abu da mai tsara tambaya zai duba kafin ya miƙa ta, wato ko hanyar kuskure na iya kai mutum ga amsar daidai. Mas'ala ta biyu cikin Umariyyatain misali ce. Mace ta rasu ta bar miji da uwa da uba, dukiyar dai naira 1,200,000. Miji ya ɗauki rabi, saura naira 600,000, sulusinta naira 200,000. To amma sudusin dukiyar duka ma naira 200,000 ne. Ke nan ɗalibin da ya yi zaton uwa sudusi take samu saboda uba yana nan zai ci maki da gurguwar fahimtarsa, ya fita da ita daga makaranta, wata rana kuma ya zauna rabon gadon wasu da ita. Shi ya sa mas'alar mata ta fi dacewa da canki-canka, ta miji kuma a bar ta ga tambayar da ake rubuta lissafi dalla-dalla.

Haka nan kalmomin da ke cikin tambayar ba ado ba ne. Da an cire "ba shi da 'yan'uwa", ɗalibi mai zurfin karatu zai tsaya yana wasi-wasi, saboda 'yan'uwa biyu suna mayar da uwa sudusi ko da uba ya hana su cin gadon. Da kuma an cire "a mazhabar Malikiyya", amsar naira 400,000 ta daina zama kuskure zalla, domin ra'ayin Abdullahi ɗan Abbas ke nan, wanda ya saɓa wa mafi rinjayen malamai a wannan mas'ala. A nan ne shari'a ta bambanta da lissafin firamare. Abin da ya zama kuskure a wata mazhaba ko wata jiha yana iya zama doka a wata, kamar yadda ɗalibin da ya taso da kundin Penal Code na Arewa da wanda ya taso da Criminal Code na Kudu za su iya ba da amsa biyu a kan laifi ɗaya, kowanne da hujjarsa. Dole tambaya ta faɗi dokar da take nufi.

Daga ina malami zai samo waɗannan kurakurai? Ba daga kansa ba, tunda wanda ya shekara ashirin yana koyar da abu ya daɗe da manta yadda rashin saninsa yake. Hanya mafi aminci ita ce a fara ba da tambayar a aji ba tare da zaɓi ba, kowa ya rubuta amsarsa da yadda ya kai gare ta. Sai a tara takardun, a ware amsoshin da ba daidai ba gida-gida, a ɗauki ukun da suka fi maimaituwa. Tsofaffin takardun jarrabawa da ke jibge a ofisoshin sassa ma taska ce da ba a taɓawa. Idan an duba aka ga ɗalibai da dama suna raba ragowar biyu tsakanin uwa da uba, to naira 450,000 ta cancanci gurbi. Idan ba wanda ya yi haka, a bar ta, duk da kyan da take da shi a ido.

A dokokin zamani, babban tushen kuskure shi ne tsohuwar doka da ta ƙi fita daga handawut. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ce mafi ƙarancin jarin hannayen kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne, na kamfanin da ke sayar wa jama'a hannun jari kuma naira miliyan 2. A dokar 1990 adadin naira 10,000 ne da naira 500,000. Idan aka yi tambaya a kan kamfani mai zaman kansa, ga amsoshin kuskure uku a shirye: mai karanta tsohon littafi, da mai rikita nau'in kamfanonin biyu, da wanda ya haɗa kurakuran biyu.

Masu suka suna cewa wannan ɗana wa yara tarko ne. Suna da gaskiya a wuri ɗaya: tambayar da ke kayar da ɗalibi ta hanyar ɓoye "ba" a tsakiyar jimla, ko jera amsoshi biyu da bambancinsu harafi ɗaya ne, mugunta ce, ba ta auna sanin doka. Amma naira 400,000 ba ta yaudari kowa ba. Ɗalibin ne ya shigo ɗakin jarrabawa da ita a kansa, kuma gara ta fito a nan da ta fito a gaban magada.

Bayan jarrabawa aikin bai ƙare ba. Sai a ƙirga mutum nawa suka zaɓi kowace amsa. Masana auna jarrabawa sukan ɗauki amsar kuskuren da ƙasa da kashi 5 cikin 100 suka zaɓa a matsayin wadda ba ta aiki, sai a sauya ta ko a cire ta. Sukan kuma kwatanta ɗaliban da suka fi maki a takardar da waɗanda suka fi ƙarancin maki. A ce cikin ɗalibai 200, mutum 70 sun zaɓi naira 400,000, kuma akasarinsu na ƙasa ne, to tambayar lafiya lau take, darasin ne ke buƙatar maimaici. Idan kuwa na sama ne suka yi rububin zaɓenta, sai malami ya koma kan tambayarsa, ko kan abin da ya faɗa a aji, wataƙila ya kawo ra'ayin ɗan Abbas bai bayyana wanda ake aiki da shi ba.

Ba kowace mas'ala ce ke da sanannun kurakurai uku ba. Wata biyu kawai take da su. Wani nazari da Michael Rodriguez ya wallafa a 2005, wanda ya tattara binciken shekara 80, ya nuna cewa zaɓi uku sun wadatar a mafi yawan tambayoyi. Inda tsarin makaranta ya amince, gara a tsaya a uku da a ƙirƙiro na huɗu don cike layi. Inda kuma takardar amsa ta tilasta huɗu, sai kwamitin tantance tambayoyi na sashe ya nemi kowane malami ya rubuta jimla ɗaya a gefen kowace amsar kuskure, yana bayyana wanda zai zaɓe ta da dalilinsa, kafin a tura takardar wurin bugawa.