Fassarar difiloma ba aikin taimakon dangi ba ce

Wani abokin aikina, malamin Larabci a kolej faranko-arab, ya kwashe dare biyu yana fassara wa ɗan ƙanwarsa takardar shaidar da ya samo a Azhar. Yaron yana haɗa dosiyen tafiya Kanada. Malamin ya mayar da takardar cikin Faransanci mai kyau, ya sa hannu, aka kai lameri aka manna tambur, aka buga kashe. Bayan watanni aka maido dosiyen. Ba a ce Faransancin ya lalace ba. An ƙi ta ne saboda wanda ya yi ta kawun yaron ne.

Ni ina ganin ofishin yana da gaskiya, ko da yake ran abokina ya ɓaci. Ma'aikacin da ya karɓi takardar ba ya jin Larabci. Abin da yake dogara da shi shi ne mutumin da ya ce ga abin da ke rubuce, kuma wanda za a iya kamawa in ya yi ƙarya. Kawu kuwa yana son ɗansa ya tafi. Shi ya sa ƙa'idar shige da fice ta Kanada ta hana mai dosiye ya fassara da kansa, ta hana iyaye, miji ko mata, wa ko ƙane, kawu, gwaggo, har ɗan kawu, ko da fassara ce sana'arsu. Sai mai fassarar da ke da rajista a ƙungiyar masu sana'ar, lambarsa a jikin kashensa. In ba mai rajista ba ne, sai ya yi rantsuwa a rubuce gaban wanda doka ta ba ikon karɓar rantsuwa, kamar noter, cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar daidai take.

To, kashen lameri fa? Nan ne iyaye da yawa suke ruɗewa. Lameri tana shaida cewa fotokofi ya yi daidai da asali, ko cewa sa hannun nan na wane ne. Ba ta karanta Larabcin ba, balle ta ce an fassara shi daidai.

Kada kuma a ɗauka ƙa'idar ɗaya ce ko'ina. A Faransa, wanda sunansa ke cikin jerin masu fassara da suka yi rantsuwa gaban kotun ɗaukaka ƙara ake so. Amurka ta fi sassauci: mai fassarar ya rubuta cewa ya iya harsunan, fassarar cikakkiya ce kuma daidai, ya sa hannu. Saboda haka ofishin da zai karɓi takardar shi ke faɗin wanda ya halatta, kuma shi ake tambaya tun ba a kashe ko dala ba. Ƴar wannan tambaya ma takan nuna cewa babu bukatar fassara: bak ɗinmu da Faransanci yake, Kanada kuma tana karɓar Faransanci da Ingilishi.

Da na karanta aikin abokina, sai na ga wani abin da ya fi zumunta damuna. A takardar an rubuta "jayyid jiddan", shi kuwa ya sa maki 15 bisa 20. Mu malamai hannunmu ya saba da ba da maki, amma 15 ɗin nan babu shi a asali. Mai fassara yana faɗin abin da ke rubuce ne kawai. Auna darajar difiloma da ta wata ƙasa aikin wata hukuma ce daban. Irin wannan karambanin ne ke sa wani ya fassara bakaloriya da kalmar Ingilishi mai nufin digirin farko na jami'a, don sun yi kama a baki, sai ɗan lise ya wayi gari da digirin da bai yi ba. A idon ofishi wannan ya kusa zama jabu.

Sai suna. Larabci ya ce Muhammad al-Amin, fasfo ya ce Mahaman Laminou. A gidanmu mutum ɗaya ne, a kan takarda mutum biyu ne. Ƙwararre yakan nemi fasfo tun farko, ya bi rubutunsa, in da bambanci ya ambace shi a ƙasa. Yakan kuma fassara har rubutun cikin kashe da na bayan takarda, inda bai karantu ba ya ce bai karantu ba. Abokina ya tsallake kashe biyu, yana ganin ado ne.

Na san abin da za a ce: masu rantsuwa ba su da yawa, kuɗinsu da nauyi, ga kuɗin mota daga Damagaram zuwa Yamai. Gaskiya ne. Amma yaron nan daga baya sai da ya biya wannan kuɗin duka, ga watannin da suka tafi a banza. Yanzu in uba ya kawo mini difiloma, nakan karanta masa abin da ke ciki, mu duba sunan da fasfo tare, in ce ya je ya kawo mini takardar sharuɗɗan ofishin. Hannu dai ba na sawa.