Kyaftin, minti biyun da ke bayan rashin kofi naka ne, kada ka ɓata su

Kakar wasannin kofin shugaban jami'a ta zo ƙarshe a makarantu da yawa a nan Kudu, kuma a kowane kofi ƙungiya ɗaya ce take dariya, ɗaya kuma ta koma hostal da lambar azurfa a aljihu. Maganata yau a kan kyaftin ɗin ƙungiya ta biyun ce. Ra'ayina shi ne, jawabin da zai yi wa 'yan wasansa bayan busa ta ƙarshe aiki ɗaya ne babba a kansa: ya tare wa wanda za a ɗora wa laifi, tun kafin yaron ya buɗe wayarsa. Sauran abubuwan duk za su iya jira zuwa jibi.

Ku tuna 11 ga Fabrairu 2024, wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan. William Troost-Ekong ya ci mana da ka kafin hutun rabin lokaci, Franck Kessié ya farke, Sébastien Haller ya ci ta biyu saura kusan minti 10, Kwaddebuwa ta ɗauki kofi da ci 2 da 1. Duk wanda ya kalli wasan ya san an fi mu taka leda a ranar, daga gaba har baya. Amma kafin gari ya waye, jama'a sun zaɓi mutum ɗaya, Alex Iwobi, suka yi masa ca da zagi har ya goge hotunansa a Instagram. Ahmed Musa, wanda shi ne kyaftin ɗin tawagar kuma bai buga wasan ba, shi ya fito fili ya roƙi mutane su daina, ya nuna cewa rashin nasarar na kowa ne. Abin lura a nan: mutum goma sha ɗaya suka sha kaye, mutum ɗaya aka yanka. Haka taron 'yan kallo yake, a Abidjan ko a filin bayan ɗakin karatu. Bambancin kawai, Iwobi ya hau jirgi ya koma Ingila, shi kuwa yaronmu da waɗanda suka zage shi zai shiga lakca ranar Litinin, da su zai yi layin abinci.

Bari in ba ku wanda na gani da idona a makarantarmu, ban ambaci suna ba. Ƙungiyar da yawancinta 'yan Arewa ne ta kai wasan ƙarshe. Suna ci 1 da nema har wajen minti na 75, aka farke musu da kwana. Aka tashi kunnen doki, aka tafi fenariti. Da aka zo rubuta mutum biyar, manyan 'yan aji huɗu biyu suka sunkuyar da kai, wannan ya ce cinyarsa, wancan yana ta ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Wani ɗan aji ɗaya ya ɗaga hannu, aka ba shi bugu na biyar. Ya buga, ta daki turke. Aka ci su 5 da 4.

Kyaftin ɗin bai bari an watse ba. Kafin a kira su karɓar lamba, ya ja su nesa da 'yan kallo zuwa wajen raga, ya sa har 'yan benci suka shigo da'ira, shi kuma ya tsaya kusa da yaron, hannunsa a kafaɗarsa. Abin da ya faɗa, kamar yadda na riƙe shi, bai fi wannan ba:

"Kowa ya dube ni. Abin da ciwo, ni ma yana min ciwo, wanda zai yi kuka ya yi. Ni na rubuta sunan ƙanena a na biyar, don shi ya ɗaga hannu lokacin da ake neman mai ɗagawa. Wanda yake da magana a kan bugun nan, ni zai samu. Ba a fenariti muka rasa kofin nan ba, a kwana muka rasa shi, kuma wannan ce ta uku da aka ci mu da kwana a gasar nan, ni ne kuma mai tsara tsaron baya. Yanzu za mu je mu gaisa da su, mu karɓi lambarmu da hannu biyu. Yau babu mai rubuta komai a guruf. Laraba ƙarfe huɗu, nan wurin, kowa da kowa."

Shi ke nan. Ko minti biyu bai cika ba. Amma ku duba abin da ke ciki.

Na farko, ya ɗauke laifin da hujja. Akwai kyaftin ɗin da zai ce "laifinmu ne gaba ɗaya", kowa ya gyaɗa kai, amma a zuci kowa ya san wa ya zubar. Wannan kalma ba ta kare kowa, don ba ta canza labarin da za a bayar a daren. Shi kuwa ya canza labarin: yaron ya tashi daga "wanda ya zubar" ya koma "wanda ya ɗaga hannu". Kuma gaskiya ce, ba lallashi ba. Bai kira sunan waɗanda suka noƙe ba, bai ma kalle su ba, amma duk wanda ya noƙe ya san ba shi da bakin zagi daga wannan lokaci.

Na biyu, ya faɗi dalilin ƙwallo guda ɗaya tak, wanda za a iya gyarawa a tirenin, kuma ya zaɓi wanda yake ƙarƙashin kulawarsa. Mutumin da ya yi gudun minti 90 a rana, ƙafarsa na rawa, ba zai riƙe darasi biyar ba. In ka jero masa kurakurai, abin da zai ji kawai shi ne sunan wa aka kira. Dalili ɗaya ya isa ya ba zuciya wurin ajiye haushi, wurin da ba mutum ba ne.

Na uku, ya rufe guruf na dare ɗaya, ya kuma sa rana. Wallahi mafi yawan ƙungiyoyin makaranta ba a fili suke mutuwa ba, a WhatsApp suke mutuwa, tsakanin isha'i da ƙarfe ɗayan dare. Wani ya saka hoton barkwanci, wani ya yi murya ta minti huɗu, wani ya fice, shi ke nan an rabu. Sa ranar haɗuwa kuwa yana gaya wa kowa cewa ƙungiyar tana nan, kuma "kowa da kowa" ya haɗa da yaron.

Yanzu ga jawabai biyu da muka fi sabawa da su, kuma ina ganin duka biyun suna cutarwa.

Na ɗaya shi ne: "Haka Allah Ya so, a yi haƙuri." Maganar gaskiya ce, babu mai ja. Matsalar ita ce a tsaya nan. In kyaftin ya faɗe ta ya juya ya ɗauki jakarsa, ya bar tambayar "to waye ya jawo?" a buɗe, kuma 'yan kallo za su amsa ta da kansu. Ka faɗe ta, amma ka ɗora da abin da ke hannunka.

Na biyu ya fi haɗari gare mu da muke karatu nesa da gida: "Rafali ya sayar da mu, don mu 'yan Arewa ne." Na san daɗin wannan magana a lokacin zafi. Na kuma san akwai ranar da ake jin "aboki" daga bakin 'yan kallo da sigar da ba ta wasa ba. Amma kyaftin ya auna abin da yake kunnawa. Yana magana ne da samari ashirin masu jin haushi, ga magoya baya a gefe suna jiran alama. Kalma ɗaya za ta mayar da wasan ƙwallo rigimar ƙabila, kuma wanda za a kai gaban kwamitin ladabtarwa ɗalibi ne da iyayensa suka biya kuɗin mota mai nisa don ya zo karatu. Sannan ka dubi da'irarka: golanka wataƙila Bayarabe ne, ɗan gabanka ɗan Binuwai ko Ibo. Da ka ce "mu 'yan Arewa", ka fitar da su daga ƙungiyar da suka zubar wa gumi.

In an yi zalunci na gaske fa? Yana faruwa. A wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2000 a Legas, bugun fenaritin Victor Ikpeba ya daki sandar sama ya faɗa bayan layi, alƙali bai ba da ita ba, Kamaru ta tafi da kofi. Don haka ba na cewa kowane ƙorafi ƙarya ne. Ina cewa wurinsa daban: takarda zuwa ga kwamitin wasanni, da minti, da abin da ya faru, da bidiyo in akwai, cikin wa'adin da dokar gasar ta sa. A da'ira kuwa jimla ɗaya ta wadatar: "Maganar rafali ni zan bi ta, babu mai tunkararsa."

Na san wasu za su ce wannan shagwaɓa ce, in ba a gaya wa mutum gaskiya da zafinta ba, ba zai gyaru ba. Amsata: yaron da ya daki turke ya riga kowa sanin ya zubar, babu labarin da za ka ba shi. Gaskiyar da ake buƙatar faɗa mai ɗaci ita ce ta waɗanda suka noƙe, da ta rashin yin tirenin ɗin fenariti tun farkon gasa, kuma wannan ta ranar Laraba ce, bayan an yi barci an ci abinci, wasu ma a keɓe. Wasu kuma za su ce gara kyaftin ya yi shiru. Shiru na da kyau in ba ka da abin faɗa sai tsawa. Amma in ka yi shiru, wani zai yi magana, kuma yawanci wanda ya fi kowa fushi ne.

Jawabi ba ya dawo da kofi, kuma ba a gane ya yi aiki da tafi. Ana ganewa ne da abu uku: guruf ya kwana lafiya ko bai kwana ba, mutum nawa suka zo tirenin na gaba, sannan wanda ya zubar ɗin, an gan shi a lakca da wurin cin abinci, ko ya kulle kansa a ɗaki. In kwana biyu ba a gan shi ba, aikin kyaftin bai ƙare ba, sai ya taka zuwa ɗakinsa da kansa.

Ga masu zaɓen kyaftin a zango mai zuwa, ku daina duba wanda ya fi iya yanka kawai ko wanda ya fi daɗewa a makaranta. Ku tambayi kanku: in an ci mu a wasan ƙarshe, wa zai iya tsayawa ya ce "ni na rubuta sunansa"? Ku kuma da kuka taɓa tsayawa a irin wannan da'ira, me kyaftin ɗinku ya ce muku, ƙungiyar ta rayu bayan nan ko ta watse? Ina son ji.