Assamakka da Arlit: saƙon na banki ne, mai kiran kuwa ɓarawo

Tsakanin Assamakka, a kan iyakar Nijar da Aljeriya, da garin Arlit akwai tafiyar kilomita kusan 200 cikin rairayi. Ɗan kasuwar da aka ce masa asusunsa na banki ya samu matsala ba zai iya tashi ya je reshe cikin awa ɗaya ya tambaya ba. Salula ce bankinsa, kuma 'yan damfara sun san haka. A Arlit da Akokan ma, inda aka rufe mahaƙar Cominak a watan Maris na 2021, gwamnati kuma ta karɓe Somaïr a watan Yunin 2025, duk wanda ke jiran albashi ko wasu haƙƙoƙi zai yi saurin sauraron mai cewa kuɗinsa sun iso.

Ga yadda abin yake tafiya. A ce wani mai fataucin taliya da madara yana da jaka ɗari uku a asusu. Sai a kira shi da Faransanci ko Hausa mai daɗi, a ambaci sunansa, a ce wani na ƙoƙarin cire masa kuɗi, za a aiko da lambobi ya karanto domin a toshe. Nan take saƙon ya shigo, kuma da gaske daga banki yake. Dalili shi ne ɓarawon ya riga ya samu lambar katinsa, ya fara sayayya da ita a intanet, bankin kuwa ya aiko wa mai asusun lambar tabbatarwa, wadda ke aiki sau ɗaya cikin 'yan mintoci. Ita kaɗai ta rage wa ɓarawon, shi ya sa yake ta azalzala.

Wanda ya saba karanta saƙo har ƙarshe kafin ya buɗe baki zai ga abin da mai kiran ke ɓoyewa, domin galibi ana rubuta adadin kuɗin da za su fita da gargaɗin kada a faɗa wa kowa. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya buƙatar wannan lamba, balle ta sirrin kati.

Sunan banki da ke fitowa a fuskar waya ba hujja ba ne, ana iya ƙirƙirarsa. Abin da ya fi tsari shi ne mutum ya katse kiran, ya buga lambar da ke bayan katinsa da hannunsa. A wurin da layi ke yawan ɗaukewa, gara a rubuta ta a takarda tun kafin ranar buƙata.

Idan kuwa lambar ta riga ta fita daga baki, mintocin farko ne ke da amfani: a kira banki a toshe katin, kada a goge saƙon da lambar mai kiran, sannan a kai su ga 'yan sanda ko jandarma. Dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet ta tanadi hukunci a kan irin wannan zamba, sai dai kuɗin da aka riga aka cire da wuya su dawo.