Shafi huɗu, maki biyar: mu bar ɗora wa mai gyara laifi

Kowace shekara in sakamakon brebe da na bak ya fito, kuka ɗaya nake ji daga bakin iyaye: “Yarona ya cika shafi huɗu, amma an ba shi biyar bisa ashirin, an cuce shi.” Na daɗe ina koyar da Faransanci, na kuma gyara takardun yara har idona ya gaji, don haka zan faɗi abin da ba a son ji. Galibi ba wanda ya cuci yaron nan. Tambaya aka yi mishi, ya amsa wata daban. Mu malamai da ku iyaye kuma muna da hannu dumu-dumu a ciki.

Ga misali daga ajina. A jarabawar gwaji ta bara na ba ɗalibaina wannan tambaya, ga ma'anarta da Hausa: “Wasu na cewa tafiyar matasa cirani ita ke kashe noma a ƙauyukanmu. Tattauna wannan ra'ayi, kana mai kafa hujja da misalai daga yankinku.” Wani yaro mai ƙoƙari, wanda Faransancinsa ya fi na sauran tsabta, ya ga kalmar cirani sai ya zabura. Ya jero dalilan da ke korar matasa daga gida: talauci, fari, tsadar aure. Ya kawo wahalar hanyar Agadas zuwa Libiya, ya rufe da kira ga gwamnati ta samar da aikin yi. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma kalmar noma sau ɗaya ta fito a takardarsa. Na ba shi biyar, kuma har yau ban yi nadama ba.

Mu kwance tambayar mu gani. Abubuwa huɗu ke cikinta. Na farko batun, kuma batun nan ba cirani ba ne shi kaɗai, dangantaka ce tsakanin cirani da noma. Na biyu iƙirarin da aka yi, wanda ke ɓoye cikin “ita ke kashe”: ana nufin cirani ne babban sanadi, kuma ɓarnar ta kai ga mutuwar noma, ba raguwa kawai ba. Na uku umarni, wato “tattauna”, abin da yaranmu suka sani da diskite. Wanda aka ce ya tattauna dole ya kawo abin da ke goyon bayan ra'ayin, ya kawo abin da ke rushe shi ko rage ƙarfinsa, sannan ya yanke hukunci. In da esplike aka ce, bayanin ra'ayin kawai ake so, kuma yaron da ya shiga musu da shi ya saki hanya. Na huɗu iyaka: “ƙauyukanmu” da “yankinku”. Wannan ya rufe ƙofar labarin Libiya, sai fa inda ya taɓa gonar gida.

Wata yarinya a ajin ta ga waɗannan huɗun. Ta fara da nuna cewa in majiya ƙarfi suka tafi ba su dawo ba har damina ta faɗi, tsofaffi da mata ne ke fama da noman fari da maimai, ciyawa ta ci hatsi. Ta ƙara da cewa noman rani, irin albasar Galmi da lambunan gulbin Maraɗi, yana neman hannuwa daidai lokacin da matasa ke barin gida. Sai ta juya: da yawa bayan kaka suke tafiya su dawo kafin shuka, kuma kuɗin da suke aikowa shi ke sayen taki da iri, ya biya ƴan ƙwadago. Ta ce ƙarancin ruwa da gajiyar ƙasa da gonakin da rabon gado ya daddatsa su ma suna raunana noma, har ma su ke tura matasan waje. Ta rufe da cewa cirani na rage hannuwa, amma ba shi kaɗai ke da alhaki ba. Shafi biyu da rabi, da kurakuran nahawu nan da can. Ta samu goma sha huɗu.

To, wa ya koya wa yaron farko saurin zabura? Mu ne. Mu ke rubuta wa yara shiryayyen rubutu a allo, ɗaya kan cirani, ɗaya kan auren wuri, ɗaya kan gurgusowar hamada, mu ce su haddace. Yaron da ya haddace rubutu ba ya karanta tambaya, kalmar da za ta buɗe mishi rumbun hadda yake farauta. Da ya gan ta sai ya juye abin da ke kansa. Ku iyaye kuma, in ya dawo gida me kuke tambayarsa? “Shafi nawa ka cika?” Da wannan kun koya mishi cewa yawa shi ne gwaninta. Ai wanda aka aika kasuwa sayen gero ya dawo da buhun dawa cike maƙil, ba a yaba mishi nauyin kaya.

Na san abin da abokan aikina za su ce. Za su ce Faransancin yaran ya yi rauni, hadda ce kawai ke hana su miƙa farar takarda. Raunin gaskiya ne, kuma karanta tambaya da kyau ba zai gyara nahawu ba. Amma mai raunin harshe shi ya fi kowa buƙatar tsayawa kan tambaya, don nan ne makin da yake iya samu yake. Jimla gajera mai kuskure da ta amsa tambaya tana da lada, sakin layi mai kyau da ya kauce ba shi da ita. Za su kuma ce aji ya cika, lokaci babu. Kwance tambaya a allo bai kai rabin lokacin da muke ɓatawa yara na kwafar rubutun hadda ba.

Abin da nake sa ɗalibaina yi ke nan. Minti 10 na farko ba a taɓa takardar amsa. A kwafi tambayar a takardar gwaji, a ja layi ƙarƙashin batu, a zagaye kalmar umarni, a sa alama kan ƙananan kalmomi irin su “kaɗai”, “kullum”, “ya fi”, don su ke ɗauke da gardamar. Sannan a sake faɗin tambayar cikin jimla ɗaya, ko da Hausa ne: “Shin cirani ne ya kashe noma, ko akwai wasu masu laifi?” Wanda ya kasa wannan bai gane ba tukuna, ya koma ya sake karantawa. Bayan kowane sakin layi kuma ya tambayi kansa: wane ɓangare na tambayar wannan ya amsa? In sakin layin zai zauna daram a ƙarƙashin kowace tambaya ta cirani, alama ce ta hadda, a soke shi.

Iyaye, ko ba ku jin Faransanci kuna iya wannan binciken. Ku ce wa yaro ya rufe littafi ya gaya muku da Hausa me aka tambaye shi, sannan me ya amsa. In maganganun biyu ba su haɗu ba, kun san inda makin ya zube tun kafin malam ya ɗauki jan biro.

Yaron nan mai maki biyar ya zo ya same ni yana huci. Ban yi gardama da shi ba. Na ce ya karanta tambayar da ƙarfi, ya nuna mini layin da ya yi zancen gona. Ya juya shafi huɗu, ya sake juyawa, sannan ya ce: “Mushe, ni cirani kawai na gani.”