Mu tambayi tsofaffinmu tun bakinsu na magana

Duk wanda ke zama kasuwa ya san abin da ke biyo bayan sadakar bakwai. Ana naɗe tabarmi, sai masu bashi su fara sallama. Wannan ya ce yana bin Hajiya kuɗin buhu 10 na hatsi, waccan ta ce ta ba ta ajiyar sarƙa, uwar adashe kuma ta aiko cewa marigayiya ta riga ta kwasa, saura zubi 4. Ɗiyan mamaciya na kallon juna, babu mai iya cewa gaskiya ne ko ƙarya, domin littafin Hajiya yana cikin kanta, kuma an rufe ta da shi. Abin da muke cewa a yau shi ne: shirun da muke yi a gaban tsofaffinmu, muna kiran shi ladabi, cutar su muke yi da shi. Ya kamata mu tambaye su abin da suke so tun suna da lafiya, kuma akwai hanyar yin hakan ba tare da an ɓata musu rai ba.

Mun san abin da ke riƙe bakinmu. Muna tsoron tsoho ya ce mun ƙosa ya mutu mu ci gado, wasunmu kuma na ganin ambaton mutuwa kamar kiran ta ne. Tsoro na farko yana da tushe, kuma za mu zo kansa. Na biyu kuwa ba shi da wurin zama, domin magabata sun yi wannan magana a fili. Sayyidina Abubakar ya faɗi tufafin da yake so a sa shi ciki, kuma matarsa Asma'u ɗiyar Umaisu ce ta yi masa wanka. Amru ɗan Asi ya gaya wa ɗansa yadda za a rufe shi tun yana raye. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Tsofaffinmu sun fi mu sanin waɗannan. Da yawansu sun sayi likkafaninsu sun ajiye ƙarƙashin akwati shekara da shekaru, suna jiran wanda zai saurare su. Sau nawa Inna ta ce "in na mutu", muka katse ta da "haba Inna, daina faɗin haka"? Ita ta buɗe ƙofar, mu muka rufe. Ranar da ta sake faɗi, mu ce: "Allah ya ja da ranki Inna, faɗa mini, ina ji."

In kuwa ba ta buɗe ba, abu na farko shi ne a zaɓi wanda zai yi maganar. A gidajenmu uwa na kunyar ɗan fari, wata ko sunansa ba ta faɗi, saboda haka ɗora masa wannan aiki wahalar da su ne su biyun. Wanda aka san idonsa na kan gida ko rumfa shi ma ya koma gefe. Jika ya fi dacewa, tunda wasan da ke tsakanin kaka da jika yana ɗaukar maganar da bakin ɗa ba ya ɗauka. In babu jikan da ya yi hankali, a nemi ƙawarta ta kasuwa da suka tsufa tare, ko auta, ko malamin da take ganin girmansa. Kuma mutum ɗaya ya je. Idan tsohuwa ta ga ɗiyanta 5 sun shigo sun zauna shiru, za ta ɗauka likita ya faɗa musu wani abin da suke ɓoye mata.

Na biyu, lokaci. Mafi munin lokaci shi ne ranar da ciwo ya kwantar da mutum, domin a ranar kowace tambaya tana kama da bankwana. A yi ta yana cin tuwonsa. Dawowa daga gaisuwar mutuwa dama ce, tunda zancen yana bakin kowa. Haka lokacin shirin Hajji ko Umra, da al'ada ta riga ta tanadi neman gafara da biyan bashi.

Na ukku, mu fara da kanmu. Wata mai sayar da atamfa a Maraɗi ta ba mu labarin yadda ta yi da mahaifiyarta, tsohuwar mai awon hatsi. Sun dawo gaisuwa, ta ɗauko ɗan littafinta ta ce: "Inna, abin da na gani gidan nan ya tsorata ni. Ga waɗanda nake bi, ga masu bi na, na rubuta. In na riga ki, yana cikin kwallata." Tsohuwa ta yi shiru, ba ta ce komi ba. Bayan kwana 3 ta kira ta da kanta ta ce ta kawo biro. Hikimar a bayyane take: ɗiyar ba ta ce uwar za ta mutu ba, ta ce ita ma mai mutuwa ce. Kuma da bashi ta fara, ba ta taɓa zancen gado ba. Tambayar "wa ke bin ki?" ta mai son sauke miki nauyi ce, tambayar "me kike da shi?" kuwa ta mai jiran rabo ce, kuma kunnen tsoho na rarrabe su sarai.

Ga abin da ya sa lissafin ya zama dole. Mu ɗauki misali: Hajiya ta bar kaya da kuɗi na jikka 900, bayan an fitar da ajiyar mutane, wadda dama ba tata ba ce. Shari'a ta jera abubuwa bi da bi. A fara da kuɗin likkafani da rufewa, mu ce jikka 30. Sai bashi, mu ce jikka 270, har da sauran zubin adashe. Saura jikka 600. Daga nan ne wasiyya ke fita, kuma ba ta wuce kashi ɗaya cikin ukku, wato jikka 200. Idan ta bar ɗa namiji ɗaya da ɗiya mata 2, ba miji ba iyaye, jikka 400 da suka rage namijin ya ɗauki 200, matan 100 kowace. To, a ce akwai maraya a ɗakinta, jikan da ubansa ya riga ta rasuwa. Muddin akwai ɗanta namiji a raye, yaron nan ba ya da gado ko dala. Hanyar da zai samu ita ce kakarsa ta yi masa wasiyya cikin jikka 200 ɗin nan, gaban shaidu 2 adilai. In ba ta faɗa ba, sai abin da baffansa ya ga dama.

Akwai kurakurai 2 da ke yawan faruwa a nan. Na ɗaya, tsoho ya yi wa ɗaya daga cikin magadansa wasiyya, alhali ba ta zartuwa sai in sauran magada sun yarda. Na biyu, kyautar baki. Baba ya ce "keken ɗinkin nan na ba wance", amma keken na nan ɗakinsa har ya rasu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kyautar da ba a karɓa aka riƙe ba kafin ciwon ajali ko mutuwa, ta koma cikin gado. Don haka in kyauta ce, a miƙa ta yau, mai ita ya ɗauke abinsa da sanin shaidu. Inda lissafi ya rikice, a kai wa malamin da ya san rabon gado.

Zancen jinya a bar shi sai wani zama, kada a haɗa komi rana guda. Shi ma ta gefe ake shigar sa, da labarin wani: "Baba, ka ga yadda aka yi ta yawo da maƙwabcinmu daga nan zuwa Galmi, daga Galmi zuwa Yamai. Kai da a ce kai ne, me ka fi so?" Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, kuma tsohon da ya cika can, ko a rufe shi nesa da danginsa, ko a biya mota a ɗauko gawa cikin zafin bazara. Wani zai ce a kai shi ko'ina ne, wani zai ce in likita ya tabbatar magani ya ƙare a maido shi ɗakinsa. Dukansu haƙƙinsu ne. A tambaye shi ɗakin wa yake so ya yi jinya, wa ya yarda ya taɓa jikinsa, wa zai yi magana da likita in bakinsa ya rufe, kuma me ya yarda a sayar don biyan magani, me bai yarda ba. Wannan ba izinin barin tsoho ba magani ba ne. Ciwon da ke warkewa a nemi maganinsa, wanda ba ya warkewa ma akwai maganin rage zafi, a roƙi likita ya rubuta.

Zancen jana'iza shi ya fi sauƙi, in an riga an wuce waɗancan. Wa take so ya yi mata wanka, wa zai yi mata salla, wace maƙabarta, ina likkafanin yake. A tambayi ra'ayinta kan sadakar ukku, bakwai da arba'in, domin malamai sun saɓa a kai, kuma gidaje da yawa ƴan'uwa sun daina gaisawa saboda wannan. Kalma ɗaya daga bakin mai abin tana kashe gardamar. Sai dai a sani, shinkafar da za a dafa wa masu gaisuwa ba ta shiga gaban bashi, kuma ba a taɓa rabon marayu dominta.

In tsoho ya kau da kai, ko ya canza zance, ko idonsa ya kawo ruwa, a tsaya nan, a yi masa addu'ar tsawon rai, a bari sai wata mai zuwa. In ya yi magana, a rubuta da boko ko ajami, a karanta masa ya ji, a sa kwanan wata da shaidu, sannan a sanar da sauran ɗiya, har waɗanda ke Kano ko Kwatano, da izininsa. Takardar da ɗa guda ya fito da ita ranar rasuwa, ba wanda ya san da ita, fitina take haifarwa. Kuma a tuna masa wasiyya tasa ce, yana iya canza ta duk ranar da ya so.

Mu da ba mu ba da buhu ɗaya bashi sai mun rubuta, bai kamata mu bar iyayenmu su tafi da nauyin mutane a wuyansu don muna jin nauyin tambaya ba. Allah ya ja da ran tsofaffinmu, ya sa mu gama da su lafiya, mu ma ya sa mu cika da imani. Amin.